Kafin saƙon mushe ya isa gida

A da, idan yaro ya yi laifi a lakkol, hanya ɗaya ce labari ke bi ya isa gida. Darakta ko sirbeyan ya cika takardar kira da Faransanci, ya buga hatimi, ya ɗora wa yaron ya kai wa ubansa. Takardar tana da sanyin tafiya, wani lokaci ma takan kwana uku a cikin jakar yaro, amma kafin ta fita daga makaranta mutum biyu sun gan ta, kuma zuciyar malami ta huce. Yanzu a Yamai salula ta gajarta hanyar. Malami yana tsaye a bakin aji, ransa a ɓace, alli a hannu, sai ya danna WhatsApp ya aika magana. Kafin a buga ƙararrawar tashi saƙon ya isa Bukoki ko Talaje ko ƙetaren kogi a Harobanda, kuma da zarar an buɗe shi babu mai iya dawo da shi.

Abin da nake son malamai da iyaye su duba shi ne yadda ake ɗaukar irin wannan saƙo na fushi a sake gina shi ya zama saƙon aiki. Ba batun ƙawata magana ba ne. Saƙon da aka gyara yakan fi na farko faɗin gaskiya, domin na farko fushin malami ya ɗauko, na biyu kuwa abin da yaro ya aikata.

Sai dai kafin a taɓa kalma ko ɗaya, ya kamata malami ya san wanda zai karɓi saƙon nasa, don a nan garin ba kasafai mutum ɗaya ke karɓa ba. Manya masu iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai rabi ba, kuma ko da yake Yamai ta fi karkara a wannan fanni, gidaje da yawa suna neman mai karanta musu saƙo. Mai karantawar kan zama yayan yaron, ko ɗan maƙwabta, ko abokin ciniki a rumfar kasuwar Katako, wani lokaci ma yaron da ake ƙara shi ne ake miƙa wa salula ya karanta laifinsa da bakinsa. Idan saƙon murya ne, a tsakar gida ake buɗe shi da ƙarfi, kishiya tana ji, ƴan haya suna ji. Saboda haka duk abin da malami ya faɗa wa uba, ya ɗauka cewa a gaban jama'a ya faɗa. Uban da aka kunyata a gaban mutane kuwa abu biyu yake yi: ko ya huce a jikin yaron da bulala, ko ya zo makaranta da faɗa. Babu ɗaya daga ciki da ke hana yaro makara gobe.

Bari mu ɗauki misali irin wanda kowane malamin firamare zai gane. Yaro ne ɗan ajin CM1, malaminsa ya aika wa uban wannan da tsakar rana:

"Salam. Yaronka ya ishe mu. Kullum makara, kullum barci a aji, ba ya jin magana sam, yau ma ya doki ɗan mutane. Idan ba za ku iya ba shi tarbiyya ba ku riƙe abinku a gida."

Malamin bai yi ƙarya da gangan ba, amma a dubi abin da ke cikin saƙon. "Kullum" ta zo sau biyu, kuma ita ce kalmar da ta fi saurin karya malami. Uban zai tuna cewa ranar Talata shi da kansa ya sauke yaron a bakin makaranta kafin ƙarfe takwas, daga nan ya daina yarda da sauran maganar. "Ba ya jin magana" hukunci ne a kan halin yaro, ba labarin abin da ya faru ba, kuma uba ba shi da abin da zai yi da hukunci sai dai ya karɓa ko ya musanta. "Ya doki ɗan mutane" ya bar tambayoyi a buɗe: da me, a ina, an ji ciwo, me ya haɗa su? Jimlar ƙarshe ce mafi muni. Ta zagi tarbiyyar gida, wadda a wurin Bahaushe da Bazabarme duka zagin uwa da uba ne, sannan ta yi barazanar da malami ba shi da ikon zartarwa. Korar yaro daga makaranta ba aikin malamin aji ba ne, yana da hanyarsa ta ofishin darakta da majalisar ladabtarwa. Bayan duk wannan, saƙon bai roƙi uban ya yi komai ba.

Gyaran yana farawa ne daga rajistar kiran suna, ba daga salula ba. Malami ya bar saƙon ya kwana, ko aƙalla ya jira a tashi, ya buɗe rajista ya ƙirga. A misalinmu, bari mu ce ya tarar yaron ya makara sau 4 a cikin kwanakin karatu 10 da suka wuce, kuma duk makarar ba ta wuce rabin awa ba. Ya tuna cewa barcin sau biyu ya gani da idonsa, duka da safe ne a lokacin darasin lissafi. Dukan kuwa a lokacin shan iska ya faru: an yi gardama a kan biro, yaron ya ture ɗan ajinsu ya faɗi ya goge gwiwa, an wanke an sa magani. Abin da ya fara da "kullum" ya koma lambobi huɗu ko biyar da uba ba zai iya musantawa ba, kuma ba zai ji an ci mutuncinsa da su ba.

Daga nan malami ya tambayi kansa abin da yake so ya canja. Laifi uku ne a cikin saƙon farko, amma saƙo ɗaya ba ya ɗaukar buƙata uku. Duk wanda ya daɗe a aji zai lura cewa makara da barcin safe sukan fito daga tushe ɗaya, wato yadda yaro ke kwana da yadda yake tashi, kuma yaron da bai yi barci ba ko bai karya kumallo ba shi ne mai saurin hannu a filin wasa. Don haka buƙatar da ta dace ita ce a san abin da ke faruwa da yaron daga isha zuwa hantsi. Ga yadda saƙon zai iya komawa:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da aiki, ya iyali? Malamin ajin CM1 ne na makarantar su Wane. Ina son in sanar da ku abin da na lura da shi don mu haɗa hannu. A cikin mako biyu da suka wuce ya iso bayan an shiga aji sau 4, kuma sau biyu barci ya ɗauke shi a darasin lissafi na safe. Yau a lokacin shan iska gardama ta haɗa shi da wani ɗan ajinsu a kan biro, ya ture shi ya faɗi. Raunin kaɗan ne, an yi magani, na sasanta su, kuma ya ba da haƙuri, saboda haka wannan an gama da shi a makaranta. Yaro ne mai ƙoƙari a karatu, in ya zo da wuri yana cikin masu ɗaga hannu. Ina roƙo ku duba mana lokacin kwanciyarsa da abin da ke riƙe shi da safe. Idan da hali ku kira ni ranar Alhamis bayan la'asar, ko ku faɗi lokacin da ya fi muku sauƙi. Allah ya raya mana su."

Ya fi na farko tsawo, amma kowace jimla tana da aikin da take yi. Gaisuwar ba ado ba ce. A ƙasar Hausa wanda ya faɗo maka da magana ba sallama ba tambayar iyali ya riga ya gaya maka cewa da faɗa ya zo. Malamin ya faɗi ko shi wane ne, don uba mai ƴaƴa shida a makarantu uku ba lalle ne yana da lambarsa ba. Bai ambaci sunan yaron da aka ture ba, domin da zarar suna ya fita, rigimar yara ta zama ta gidaje biyu, musamman in unguwa ɗaya suke. Yabon da ya yi takamaimai ne kuma gaskiya ne. Yabon ƙarya iyaye suna gane shi, kuma yana rage darajar abin da ya biyo baya.

Jimlar da na fi ba muhimmanci ita ce "an gama da shi a makaranta." Duk malamin da ya yi aiki a unguwanninmu ya san cewa amsar farko da yawancin saƙonnin ƙara ke samu ita ce duka. Wani uban ma yana ganin in bai yi dukan ba ya raina malami. Idan malami bai faɗa ƙarara cewa an riga an yi hukunci kuma ba ya neman ƙari ba, to shirunsa izini ne. Yaron da aka zane saboda saƙo yana koyon darasi, amma ba wanda ake nufi ba. Yana koyon goge saƙo daga salular uwarsa kafin ta gani, da ba makaranta lambar da ba ta aiki.

A misalin namu, a ce Alhamis ta yi uban ya kira. "Malam, wallahi ban san abin ya kai haka ba. Da asuba yana zuwa makarantar allo, in ya dawo shi ke kai wa uwarsa ƙullu wajen niƙa." To ga tushen ya fito, kuma ba rashin tarbiyya ba ne, aiki ne ya yi wa yaro yawa kafin ƙarfe takwas. Maganin yana hannun gida: a mayar da niƙan zuwa yamma, ko a ɗora wa wani. Saƙon farko ba zai taɓa fito da wannan bayani ba, don wanda aka zaga ba ya buɗe cikinsa. Abin da ya rage wa malami shi ne bayan mako biyu ya sake ƙirga rajista, in makarar ta ragu ya aika layi ɗaya ya faɗa. Wannan gajeren saƙo na biyu shi ne malamai suka fi mantawa da shi, alhali shi ke sa uba ya ɗauki waya da sauri in an sake kiransa.

Akwai binciken da ya goyi bayan wannan tsari. A shekarar 2015 wasu masana biyu a Amurka, Matthew Kraft da Todd Rogers, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban sakandare masu maimaita darussan da suka faɗi. Malamai sun riƙa aika wa iyaye saƙo mai jimla ɗaya kowane mako, sai yawan waɗanda suka kasa cin darasin ya sauko daga kusan kashi 16 cikin ɗari zuwa kusan kashi 9. Saƙonnin da suka faɗi abin da yaro zai gyara sun fi na yabo zalla tasiri. Amurka ba Yamai ba ce, iyayen can suna karanta saƙonsu da kansu, amma abin da gwajin ya nuna ya yi daidai da abin da tsofaffin malamanmu suka sani: uba yana motsawa ne idan an ba shi abu ɗaya da zai iya yi da hannunsa.

Batun harshe yana da nasa wuya a wannan gari. Malami da Faransanci aka horar da shi, kuma in aka ce ya rubuta saƙo na aiki, hannunsa yakan koma ga salon takardar ofis: ana gayyatarku ku bayyana a makaranta ranar kaza don wata magana da ta shafe ku. Wannan shi ne ɗaya gefen kuskuren. Babu zagi a ciki, amma babu bayani, kuma uwar da aka fassara mata shi za ta kwana da faɗuwar gaba kamar sammacin ƴan sanda ne ya zo. Ƙwarewa ba ta nufin Faransanci. Tun daga watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, amma ko ba da wannan ba, ƙa'idar malami ita ce ya yi magana da harshen da ake ji a gidan. A Yamai gidaje da yawa Zabarmanci ne, wasu Fulatanci ko Tamashek. Malamin da aka turo daga Maraɗi ko Damagaram bai ji Zabarmanci ba ya nemi abokin aikinsa ya ɗauka masa murya. Kada ya sa wani ɗalibi ya yi tafinta, don ya mayar da sirrin yaro abin hira a filin makaranta ke nan.

Saƙon murya shi ya fi dacewa da yawancin iyaye, amma shi ya fi haɗari, domin murya tana tona fushin da rubutu ke ɓoyewa. Dabarar ita ce malami ya fara rubuta abin da zai faɗa a bayan kaye, ya karanta a natse a wurin da babu hayaniyar yara, ya saurara kafin ya aika. Minti ɗaya ya isa. Abin da ya wuce haka hira ce, a bar ta sai an haɗu. A kuma yi hattara da wasa. Wasan taubasantaka tsakanin ƙabilu abin alfaharinmu ne a Nijar, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, amma yana tafiya ne da fuska da dariya. Tsokanar da za ta sassauta magana a bakin ƙofar makaranta, idan aka ji ta a salula haɗe da ƙarar ɗan mutum, takan koma raini.

Sannan wa ake aika wa? Tambayar tana da sauƙi a takarda, a gida kuwa ba haka take ba. Yara da yawa a kolejojin Yamai daga ƙauye suka zo, suna zaune a hannun kawu ko gwaggo ko wani ɗan garinsu. Saƙo mai zafi zuwa ga mariƙi yana iya ƙarewa da "tattara kayanka ka koma gida," karatu ya mutu a kan laifin da bai kai ya kawo ba. Akwai yaran da auren iyayensu ya mutu, saƙon malami ya zama makami a tsakanin uwa da uba. Akwai gidan da uba ke tafiye-tafiyen fatauci, uwa ce ta san lokacin da yaro ke kwanciya. Malamin da zai yi magana da matar aure ta salula ya tsaya a kan lokutan aiki da maganar aiki, in ya yiwu da sanin maigida, don kare kansa da ita.

Akwai kuma maganganun da ko an gyara su sau goma ba na salula ba ne. Zargin sata da ba a tabbatar ba, alamun shaye-shaye irin su ƙwayar tiramol, shakkar cewa yarinya tana da ciki ko ana shirin cire ta a yi mata aure, tabon duka a jikin yaro da ake zaton daga gida ya fito. Waɗannan darakta ake kai wa, a zauna ido da ido a ofis. Game da ƴan mata, ƙasa tana da dokar watan Disamba na 2017 da ta tanadi kariya da tallafi ga yarinya mai karatu, kuma makarantu suna da ƙungiyar iyaye mata masu kula da tarbiyya, AME, waɗanda sukan iya shiga ɗakin da malami namiji ba zai shiga ba. Idan gidan ne ake zargi da cutar da yaron, aika saƙo can daidai yake da ƙara masa wuta.

Zauren WhatsApp na iyayen aji, wanda makarantu masu zaman kansu suka fi yawan buɗewa, wurin sanarwa ne kawai: ranar jarrabawa, ranar karɓar sakamako, ranar taro. Sunan yaro da laifinsa ba sa shiga can, balle hotonsa yana durƙushe. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci a kan zagi da ɓata suna ta hanyar na'ura, kuma saƙon da aka aika yana nan a ajiye, ana iya tura shi ga darakta ko sufeto ko duk wanda aka ga dama. Awon da nake ba malamai shi ne su tambayi kansu ko za su iya tsayawa a karanta wannan saƙo a gaban darakta da uban yaron da yaron kansa ba tare da sun sunkuyar da kai ba.

Na san abin da malami zai ce. Aji yana da yara saba'in ko fiye, shi ɗan kwantaragi ne, kuɗin kiran waya daga aljihunsa suke fita, ina ya ga lokacin tsara saƙo mai jimla goma? Ƙorafin gaskiya ne. Amsar ita ce yawancin abin da ke faruwa a aji bai kamata ya je gida ba tun farko. Surutu, mantuwar kaye, rigimar da aka kashe nan take, duk aikin malami ne. Abin da ya maimaitu har rajista ta nuna, ko abin da ya taɓa lafiyar wani, shi ke buƙatar saƙo, kuma irin wannan bai fi ƴan kaɗan a mako ba. Wanda ya rubuta irinsa sau biyar zai ga ƙashin bayan ɗaya ne, lambobi da buƙata kawai ke canjawa.

Iyaye ma suna da nasu rabon. In saƙo ya zo da zafi, a tambayi malami sau nawa, yaushe, kuma me yake so a yi, kafin a nemi bulala. Tambayoyin nan uku sukan tilasta wa malami ya yi gyaran da ya kamata ya yi kafin ya aika.

Kirana ga daraktoci da kwamitocin kula da makarantu na CGDES da ƙungiyoyin iyayen yara shi ne a yi wannan aiki tun a taron farko na komawa makaranta a watan Oktoba. A ɗauki kaye ɗaya ga kowane aji, a rubuta wa kowane yaro wanda za a nema, ko uba ne ko uwa ko mariƙi, da lambarsa, da harshen da yake ji, da ko rubutu yake so ko murya. A kuma amince a gaban kowa cewa babu malamin da zai aika ƙarar yaro gida a cikin awar da abin ya faru, sai dai in lafiyar yaron ce ke buƙatar a zo da gaggawa.